Rahotona ya ƙi shiga kunnen iyayenmu mata

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni ce sakatariyar wata ƙungiyar mata masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a nan Garwa, ƙasar Kamaru. An ba ni aikin ne saboda na yi boko, amma bokon nawa da Faransanci na yi shi. A taronmu na bara na tashi na karanta rahoton shekara da na rubuta da Hausa. Ina gamawa sai wata Hajiya, sa'ar mahaifiyata, ta ce, "Sannu 'yar nan, to yanzu ki faɗa mana da Hausa." Aka yi dariya, ni kuwa na koma gida na yi ta kuka. Da Hausa na tashi, kuma a hira ba wanda ya taɓa cewa bai gane maganata ba. Saura mako 3 taron bana. Ga shafin farko na sabon rahoton nan na haɗo miki. Na duba shi har na gaji, ban ga kuskure ba. Yaya zan yi?

Sakatariya, daga Garwa

Wa alaikumus salam, 'yata. Share hawayenki, abin da ke damunki yana da magani, kuma lokacin da ya rage miki ya isa.

Na karanta shafin nan a zuci, ya wuce lafiya. Daga nan na miƙe tsaye na karanta shi da murya, kuma tun a jimlar farko numfashina ya yanke. Kalmominki duk na Hausa ne, ba wadda za a ce ba daidai ba ce. Ginin jimlolin ne na Faransanci. Bakinki a gida ya koyi magana, hannunki kuwa a aji ya koyi rubutu, shekara da shekaru yana jera jimla yadda malaman Faransanci suke so. Duk sanda kika ɗauki biro, abin da ya saba da shi a aji ne yake jan hannun. Don haka aikin da ke gabanki shi ne ki sa bakin ya binciki abin da hannun ya rubuta.

Ido ba zai iya wannan binciken ba. Ido ba ya numfashi, saboda haka doguwar jimla ba ta gajiyar da shi. In ya ɓata a tsakiyar layi sai ya koma baya da sauri ya dawo, ke ba ki ma sani ba. In kalma ta faɗi sai ya cike gurbin da abin da kika yi nufi. Matar da ke zaune a kan tabarma tana sauraronki ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Sau ɗaya maganar take wuce kunnenta, in ta kuɓuce mata shi ke nan. Su kansu masu Faransancin sun san haka. Gustave Flaubert, marubucin ƙasar Faransa wanda ya rasu a 1880, yakan ɗaga murya a ɗakin aikinsa a Croisset kusa da Rouen yana karanta jimlolinsa, wadda ta sarƙe masa a maƙogwaro ya sake ta. Mu ma ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Malamin allo yana zaune can gefe, bai ga allon yaro ba, amma da kunne yake kama inda ya yi tuntuɓe.

Ga yadda za ki yi. Da farko ki bar takardar ta kwana, kada ki gwada ta a ranar da kika rubuta ta, domin a ranar jimlolin suna nan a kanki, haddarsu za ki yi ta kawowa. Ki kwafe ta a sabuwar takarda kina tsallake layi ɗaya bayan kowane layi, don ki sami wurin rubuta gyara. Sai ki nemi lokacin da gida ya yi shiru, ki tashi tsaye riƙe da fensir, ki karanta da irin muryar da za ki yi a taron, wadda ta ƙarshen ɗaki za ta ji. Na nanata wannan saboda yawancin masu cewa sun gwada bai yi musu amfani ba, motsa leɓe kawai suka yi. Raɗa ba ta cin iska, don haka ba za ta nuna miki inda numfashi yake ƙarewa ba. Ki kuma sa wa ranki mutum ɗaya da kike yi wa karatun. Ni a ganina Hajiyar nan ce ta fi dacewa, domin kunnenta mai kyau ne, kuma gaskiya ta faɗa miki ko da ta yi zafi.

Ki riƙa bin layi da yatsa, ki faɗi abin da ke rubuce kalma bayan kalma. A wannan zagayen kada ki gyara komai, alama kawai za ki sa ki wuce. In kika tsaya gyara, sautin abin da ya gabata zai fita daga kunnenki, ba za ki ji yadda jimla take haɗuwa da 'yar uwarta ba. Inda numfashi ya ƙare miki kafin jimla ta ƙare, ki ja sanda a tsaye. Inda harshenki ya sarƙe, ko kika koma baya don ki sake ɗaukar jimlar, ki ja layi a ƙasa. Inda kuwa bakinki ya faɗi wani abu dabam da wanda ke takarda, ki zagaye wurin, ki rubuta abin da bakin ya faɗa a layin da kika bari. Wannan alama ta uku ta fi sauran daraja. Sau da yawa mutum yakan ɗauka kuskuren karatu ya yi, alhali bakin ne ya ƙi abin da aka ba shi ya kawo wanda ya fi.

Bari mu ɗauki jimlarki ta farko, mu yi aikin tare. Kin rubuta:

"A cikin tsarin gudanar da ayyukan ƙungiyarmu na shekarar da ta gabata, wadda ta kasance shekara mai cike da ƙalubale ta fuskar hauhawar farashin gyaɗa, an samu damar aiwatar da sayen buhu 40 daga ɓangaren kwamitin saye, wanda hakan ya ba da damar ci gaba da gudanar da aikin samar da mai ba tare da samun tsayawa ba."

Kalma 58 ce a jimla ɗaya. Ni a wajen "farashin gyaɗa" iskata ta ƙare, kuma har zuwa nan ba a faɗi abin da ya faru ba. Sai a kalma ta 26 aka ce "an samu", shi ma bai faɗi komai ba tukuna, domin dama aka samu, damar aiwatarwa, aiwatar da saye. Mai sauraro ta riƙe kalma 30 a kanta kafin ta ji cewa gyaɗa aka saya. Kafin ta kai ga sanin wanda ya saya, an ɓoye shi a bayan "daga ɓangaren". Wannan ginin takardun ofis ne na Faransanci: a fara da doguwar shimfiɗa, a mayar da aikatau suna, a kawo mai aikin daga baya. A can yana da kwarjini. A Hausa kuwa mai magana yakan fara da wanda ya yi, ya faɗi abin da ya yi, sannan dalili ko sakamako ya biyo.

Akwai wani abu kuma da kunne kaɗai yake ji. Ki sake karanta rabin jimlar na ƙarshe ki saurari "da": ba da damar, ci gaba da, gudanar da, samar da, tare da. Sau 5 a jere. A takarda ƙaramar kalma ce da ba a lura da ita, a kunne kuwa sai ta yi ta bugawa har mai sauraro ta daina bin ma'ana.

Kuskuren da ake yawan yi a nan shi ne a zauna ana canza kalma ɗaya-ɗaya, a cire "ƙalubale" a sa "wahala", a cire "aiwatar" a sa "yi". Ba ya magani, domin ƙashin jimlar yana nan yadda yake. Abin da za ki yi shi ne ki kife takardar. Ki dubi inda kika zaunar da Hajiya a ranki, ki ce, "Wato dai, Hajiya," ki faɗa mata abin da jimlar take nufi kamar a tsakar gida kuka haɗu. Abin da ya fito, shi za ki rubuta nan take kafin ya gudu. In kina da waya mai ɗaukar murya, ki kunna ta kafin ki fara, sai ki kwafe daga baya. Da na yi haka da jimlarki, ga abin da ya fito:

"Bara gyaɗa ta yi tsada ƙwarai. Duk da haka kwamitin saye ya sayo mana buhu 40, shi ya sa ba mu daina matsar mai ba."

Kalma 25, kuma ba abin da ya ɓace. Tsadar tana nan, buhunan suna nan, kwamitin ya fito fili ya sami yabonsa, aikin da bai tsaya ba yana nan. Ki lura da "bara". Kalma ɗaya ta ɗauke "shekarar da ta gabata", kuma ita kika yi amfani da ita da kike rubuto mini, domin a lokacin magana kike yi da ni, ba rahoto kike rubutawa ba. Ki lura kuma da "shi ya sa" a madadin "wanda hakan ya ba da damar". Duk inda kika ga "wanda hakan" a rubutunki, ki gwada sa aya a gabansa ki fara sabuwar magana da "shi ya sa" ko "don haka" ko "sai". Galibi a nan ne jimla ta riga ta ƙare aka ƙi sakinta.

Bayan kin rubuta abin da baki ya faɗa, dole ki buɗe tsohuwar takardar ki gwada su gefe da gefe. Baki yana da son ƙari. Da nake faɗin jimlar nan, "ko da kwana ɗaya" ya so ya biyo bayan "ba mu daina matsar mai ba", don ya fi daɗin faɗa. Na hana shi, domin a ƙasan shafin ke da kanki kin ce injin ya lalace a watan Agusta. Rahoto amana ce, daɗin sauti ba ya halatta ƙarin da bai faru ba. Haka kuma baki yakan yar da adadi ko suna in ya yi masa nauyi. Ki tabbata duk abin da ke tsohuwar jimlar na gaskiya ya shiga sabuwar.

Jimla ta biyu da na ja wa layi ita ce ta masu bashi:

"Ana roƙon membobin da ba su kai ga sauke nauyin biyan kuɗin gudummawarsu na wata-wata ba da su yi ƙoƙarin daidaita matsayinsu kafin ƙarshen wata."

A nan harshena ya yi tuntuɓe a kan "ba da su". "Ba" ɗin na rufe korewa ne, wanda aka buɗe tun can baya a "ba su kai", amma tazarar ta yi nisa har na manta da shi, sai na karanta kamar ana cewa a bayar da su. Irin wannan korewar da ta buɗe da "ba su kai" tana jiran "ba" na biyu, kuma mai sauraro tana riƙe da numfashinta har ya zo. In kalmomin da ke tsakaninsu suka yi yawa, ki rage su. Sannan "daidaita matsayinsu" maganar takardar gwamnati ce, ba wadda za ta ji ta ta gane cewa kuɗi ake nema.

Amma abin da ya fi damuna a jimlar nan ba tuntuɓen ba ne. Ki tsaya ki faɗe ta da murya kina kallon sa'o'in mahaifiyarki. Za ki ji kunya ta kama ki, domin ba haka yarinya take yi wa manya maganar bashi ba. "Ana roƙon membobi" murya ce marar fuska, kamar daga wani ofis aka aiko ta. Wannan kunyar ma alama ce, ki sa mata tata shaidar a takarda. Da bakinki ai cewa za ki yi:

"Iyayena da yayyena, wadda ba ta kawo kuɗin wata ba, don Allah ta daure ta kawo kafin watan nan ya ƙare."

Ta fi gajarta, ta fi ladabi, kuma ta fi matsa wa mai bashi, domin ta san da ita ake.

Kada ki ɗauka daga nan cewa magani shi ne a daddatse komai. A ƙasan shafin kin faɗa ɗaya ramin:

"Injin niƙa ya lalace a watan Agusta. Mun kira makaniki. Ya zo. Ya duba injin. Ya ce bel ya tsinke. Mun sayi sabo."

A nan numfashi bai ƙare ba, harshe bai sarƙe ba, amma murya tana faɗuwa tana tashi sau 6, kowace jimla tana tsaye ita kaɗai kamar ba ta san ta gabanta ba. Bahaushe in yana ba da labarin abubuwan da suka biyo juna ba ya cewa "mun kira, mun saya". Da zarar labari ya kama hanya sai ya koma "muka kira, muka sayo", yana ɗaure su da "sai" da "da". Ba sai an koya miki wannan ba, kullum kina yi in kina ba da labarin abin da ya faru a kasuwa. Kife takardar ki ji:

"A watan Agusta injin niƙa ya lalace, sai muka kira makaniki. Da ya duba, ya ce bel ne ya tsinke, muka sayo sabo."

Ki dubi "ne" da ya shigo bayan "bel". Shi ya nuna cewa ga abin da aka gano, ba wani abu ba. Irin waɗannan ƙananan kalmomi, su ne, ce, dai, fa, kuwa, ma, kam, su ne farkon abin da yake zubewa in mutum yana tunani da wani harshe yana rubutu da Hausa, domin ba su da takwara a can da za ta tuna masa da su. Rashinsu ne yake sa rubutu ya bushe. Sai dai kada ki bi shafi kina yayyafa su da gangan. Inda bakinki ya sa su da kansa sa'ad da takarda take kife, nan ne wurinsu.

Sai kuɗi. Kin rubuta cewa abin da ya rage a asusu sefa 187 500 ne. Ki gwada faɗinsa da murya ba shiri, za ki ji kin tsaya kina lissafi, wataƙila ma Faransanci ya riga Hausa fitowa. Ki tambayi kanki yadda ma'ajinku take faɗin kuɗi in tana ƙirga su a gaban mata. In da jaka take ƙirgawa, to jaka 187 da rabi za ki ce. A kwafin da za a ajiye a fayil ki bar lambar yadda take. A kwafin da za ki riƙe a hannu ranar taro, ki rubuta kowane adadi da kalmomi yadda za ki furta shi. Kuma kada ki jera adadi fiye da 2 a jimla ɗaya. Abin da ya shigo jimlarsa dabam, abin da aka kashe tasa dabam, sannan ki ɗan yi shiru kafin ki faɗi abin da ya rage, domin shi kowa take jira.

Yanzu ga inda kunnenki ke kaɗai ba zai isa ba. Akwai wannan layin a shafinki:

"Shugaba ta gaya wa ma'aji cewa ta kai kuɗin banki."

Na tabbata ko sau nawa kika karanta shi da murya ba za ki yi tuntuɓe ba. Ni kuwa na tsaya cik. Shugaba ce ta riga ta kai kuɗin take ba da labari, ko umarni ta ba ma'aji ta je ta kai? A baki ba a rikita su, domin "ta" ɗin farko doguwa ce da sauti sama, ta biyun gajeriya ce da sauti ƙasa. Amma rubutunmu na boko ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna hawa da saukar murya, don haka a takarda su biyun kamarsu ɗaya. Ke kin san wanda kike nufi, bakinki zai sa sautin daidai ba tare da ya tambaye ki ba. Kamar mai tafiya da dare a tsakar gidansu ne, ya san inda turmi yake, ba zai yi karo da shi ba, baƙo ne zai buge ƙafa. Rahoton nan kuwa za a ajiye shi, wata rana wata ce za ta karanta, kuma maganar kuɗin jama'a ce. Ki rubuta "Shugaba ta umarci ma'aji ta kai kuɗin banki", ko kuwa "Shugaba ta shaida wa ma'aji cewa ita ta riga ta kai kuɗin banki", gwargwadon abin da ya faru.

Hanyar kama irin wannan ita ce ki ba wani ya karanta miki. Ki nemi ƙanwa ko maƙwabciya da ta iya karanta Hausar boko, wadda ba ta san abin da ke cikin rahoton ba. Kada ki yi mata bayani tukuna, kada kuma ki bar ta ta duba a zuci kafin ta fara. Ki riƙe naki kwafin da fensir, ki zauna a bayanta don kada ta riƙa duban fuskarki tana neman taimako. Duk inda ta tsaya, ko ta koma baya, ko ta sa sautin da ba shi kike nufi ba, ki sa alama ki yi shiru. Zuciyarki za ta ce ai ita ce ba ta iya karatu ba. Wani lokaci haka ne, musamman da yake yawancin 'yan bokonmu na nan ba a koya musu karanta Hausa a aji ba. Ga yadda za ki bambance: in a kan baƙi ɗaya ta tsaya, kamar ƙ ko ɗ, ta furta ta wuce, wannan nata ne. In kuwa ta kai ƙarshen jimla ta koma farko, ko ta ɗaga kai ta ce "wa ke nan?", wannan na jimlar ne. Da ta gama, ki karɓe takardar ki ce ta faɗa miki abin da ta ji. In ta iya kawo buhu nawa aka saya, me ya sami injin, nawa ya rage, me ake so mata su yi kafin ƙarshen wata, rahoton ya yi. Abin da ta kasa kawowa, wurinsa yana bukatar aiki ko da ya yi daɗin ji.

Akwai abin da nake so ki kiyaye, kada gwajin nan ya kai ki inda bai kamata ba. Kunnenki ya saba da Hausar gidajen rediyon waje da ta finafinan Kano, don haka wani lokaci zai ce miki kalmar gidanku ba daidai ba ce. Kada ki yarda da shi a nan. A Garwa kike, inda Fulatanci ya cika kasuwa, Faransanci ya cika ofis, kuma Hausarku ta ɗauko daga kowanne. In matan ƙungiya da wata kalma ta aro suke kiran bel ɗin injin, ko takardar shaidar biya, ko taron kansa, ita za ki sa, domin su za su saurara. Abin da muke cirewa ginin jimlar da ba a faɗa da baki ne. Kalmar da kowa yake faɗa kullum ta riga ta zama taku.

Haka kuma kunne ba ya duba lissafi. Jaka 187 da jaka 178 duk daɗin faɗa ɗaya gare su. Bayan kin gama da sauti, ki zauna da ma'aji da littafinta ku bi adadin ɗaya bayan ɗaya. Kunne ba ya ganin lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ in kin manta da ita, domin bakinki zai furta daidai ko babu. Wannan zagaye ne na ido, shi kaɗai, a ƙarshe.

Game da lokacinki, ki ba mako na farko ga karatunki ke kaɗai, shafi ɗaya a zama ɗaya, domin bayan kamar minti 20 kunne yakan gaji ya fara yarda da komai. Duk jimlar da kika gyara, ki sake karanta ta tare da wadda ke gabanta da wadda ke bayanta, saboda gyara yakan haifar da sabon maimaici a maƙwabta. A mako na biyu ki kawo mai karanta miki, ki kuma zauna da ma'aji. A na uku ki karanta rahoton duka daga farko zuwa ƙarshe kina duban agogo. In ya wuce minti 10, ki rage, ki bar ƙananan bayanai a takardar fayil ga mai son dubawa. In kika yi zagaye guda ba sandar numfashi, ba layin tuntuɓe, kuma bakinki bai sauya komai ba, ki daina taɓa shi. Gyaran da ya wuce nan yakan fara dawo da tsofaffin jimlolin ne ta bayan gida.

Kwana 2 ko 3 kafin taron, ki je gaida Hajiyar nan a gidanta, ki ce kin zo ta saurara miki shafin farko ta gaya miki inda bai fita ba. Babba ce, za ta ji daɗin an nemi shawararta, kuma duk abin da za ta tsinta gara ta tsinta a ɗakinta. Ki tafi da fensirinki. Allah ya ba da sa'a, ki gaida mutanen gida.